Yadda matafiyi shi kaɗai zai tsara daren farko a garin da bai sani ba

Na daɗe ina tafiye-tafiye ni kaɗai, kuma abin da na lura shi ne, matsalar da ke samun matafiyi ba kasafai take zuwa a tsakiyar zamansa ba, lokacin da ya riga ya gane hanyar masaukinsa da fuskar mai gadi. Tana zuwa ne a sa'o'in farko, tsakanin saukarsa daga jirgi ko mota da kulle ƙofar ɗakinsa, domin a lokacin ne gajiya ta rufe shi, kaya suka cika masa hannu, cajin waya ya yi ƙasa, kuma kowa ya gan shi ya san baƙo ne. Wanda ke da abokin tafiya, idan bai dawo ba cikin rabin awa za a fara cigiyarsa. Wanda yake shi kaɗai kuwa yana iya kwana biyu cikin matsala ba a ma san da ita ba. Saboda haka duk tsarin da zan bayyana a nan yana kan abu biyu ne: a sami mutum ɗaya da ya san inda ya kamata ka kasance a kowane lokaci da abin da zai yi idan ya ji shiru, sannan kada komai naka ya rataya a kan waya ita kaɗai.

Kayan da za ka tanada

Kana buƙatar ƙaramar jaka marar kauri da ake ɗaurawa a ƙugu ko a rataya a wuya ƙarƙashin riga, wadda za ta ɗauki fasfo da katin banki ɗaya da 'yan kuɗi. Kana buƙatar ambulan ko ledar takardu mai hana ruwa shiga guda biyu, da ƙaramin kati ko takarda mai kauri da za ka rubuta lambobi a kai da biro. Ka sami batirin ko-ta-kwana na cajin waya tare da igiyarsa, ka sa shi a jakar hannu, domin kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a sa shi cikin kayan da ake aunawa. Iyakar da aka saba bari ba tare da neman izini ba ita ce `100 Wh`, kuma batirin da aka rubuta wa `20000 mAh` yana kusan `74 Wh` ne, wato yana cikin iyaka. Ka ƙara da ƙaramar tocila wadda ba ta waya ba, da hotunan fasfo guda huɗu, da abin tokare ƙofa na roba mai siffar bakin gatari da ake cusawa a ƙarƙashin ƙofa. Idan kana da tsohuwar waya da ke aiki, ka tafi da ita a cikin jaka dabam.

1. Ka duba takardunka, ka yi musu kwafi mako guda kafin tafiya

Ka fara da ranar ƙarewar fasfo, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da saura ƙasa da wata 6 ya ƙare, ƙasashen Turai na yankin Shengen kuma suna neman ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka fita daga yankin. Bayan haka ka yi kwafin shafin fasfo mai hoto, da shafin biza, da tikitin zuwa da dawowa, da takardar kama ɗaki, da takardar inshora idan kana da ita, da katin rigakafin cutar shawara idan ƙasar da za ka tana nemansa. Wajen kwafin fasfo, ka tabbata layuka biyun nan na haruffa da lambobi da ke ƙasan shafin sun fito sarai ba a yanke su ba, kuma hasken fitila bai rufe lambar fasfon ba.

Ka yi kwafi uku na takarda. Ɗaya ya zauna a jakar hannu, ɗaya a ƙasan babbar jaka, ɗaya kuma a gida wurin mutumin da za mu yi maganarsa a mataki na 4. Kuskuren da aka fi yi shi ne a naɗe kwafin a cusa shi cikin fasfon kansa, ko a sa su a aljihu ɗaya, ta yadda wanda ya ɗauke wannan ya haɗa da wancan. Sannan ka ɗauki hoton kowace takarda ka aika wa kanka ta imel, ka kuma bar su a cikin wayar yadda za su buɗe ko babu data.

Katin banki dabam yake. Kada ka ɗauki hotonsa gaba da baya, domin lambobi ukun da ke bayansa tare da doguwar lambar gaba sun isa a yi sayayya da kuɗinka. Abin da za ka rubuta shi ne lambobi huɗu na ƙarshe da lambar wayar da bankin ya tanada domin toshe kati, kuma ka tabbata lamba ce da ake iya kira daga wata ƙasa, domin gajerun lambobin cikin gida sau da yawa ba sa shiga daga waje. Idan kana da kati biyu, kada su kwana a wuri ɗaya.

2. Ka gwada shiga imel ɗinka kamar wayarka ta ɓata

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma ni ma sai da ya kama ni kafin na koya. Na taɓa rasa wayata a wata tashar mota da daddare, hankalina kwance saboda duk takarduna suna cikin imel. Da na zauna gaban kwamfutar masauki na sa kalmar sirri, sai aka ce an tura lambar tabbatarwa zuwa layina, layin da ke cikin wayar da ta ɓata. Takardun suna nan, amma ƙofar ta rufe da ni a waje, kuma sai washegari da rana na sami wanda ya karanto mini lambar tikitina daga gida.

Maganin wannan shi ne lambobin ko-ta-kwana da manyan kamfanonin imel ke bayarwa. A asusun Google ana kiransu `Backup codes`, suna cikin sashen `2-Step Verification`, guda 10 ne, kowacce mai lamba 8, kuma kowacce sau ɗaya take aiki. Ka rubuta uku ko huɗu a takarda ba tare da rubuta adireshin imel ɗin a jikinta ba, ka ajiye ta nesa da waya. Sannan ka yi gwaji tun kana gida: ka kashe wayarka, ka ari kwamfuta ko wayar wani, ka ga ko za ka iya kaiwa ga hoton fasfonka. Idan ba ka iya ba, tsarin bai kammala ba tukuna.

A kan katin nan mai kauri ka rubuta lambar mutum biyu na gida tare da lambar ƙasa a gabansu, da suna da adireshi da lambar masauki, da lambar ofishin jakadancin ƙasarka, da lambar gaggawa ta ƙasar da za ka. Lambar 112 tana aiki a dukkan ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Amurka da Kanada, 999 a Birtaniya, amma kada ka ɗauka ɗayansu za ta yi aiki ko'ina, ka bincika ta ƙasar da kanta. Ka ƙara da lambar shaidar wayarka, wadda za ta fito idan ka danna wannan a wurin kira:

```
*#06#
```

Lamba 15 ce, ana kiranta IMEI, kuma ita 'yan sanda za su tambaya idan an sace wayar.

3. Ka zaɓi masaukin daren farko da sharuɗɗa masu tsauri

Daren farko ba daren neman araha ba ne. Ko da za ka koma wuri mai sauƙi daga baya, ka kama ɗakin wannan daren tun kafin ka tashi, a wurin da ake samun ma'aikaci a teburin karɓar baƙi dare da rana. Gidan haya na kwana ɗaya da ake bar wa baƙo makulli a cikin akwati yana da daɗi, amma idan ka isa ƙarfe 1 na dare akwatin ya ƙi buɗewa, mai gidan kuma yana barci, kai da kayanka ne a bakin titi.

Wajen karanta ra'ayin waɗanda suka sauka a wurin, kada ka tsaya kan jimillar taurari. Ka jera ra'ayoyin daga na baya-bayan nan, ka karanta na wata 3 zuwa 6 da suka wuce, ka nemi abin da mutane dabam-dabam suka maimaita: makulli ba ya kamawa, an buɗe ɗaki ba sallama, titin ba fitila, an nemi ƙarin kuɗi da isowa. Ƙorafin mutum ɗaya yana iya zama son rai, amma mutum uku da ba su san juna ba ba sa ƙirƙirar lalataccen makulli ɗaya. Ka kuma duba wurin a taswira ka ga ko mota tana iya tsayawa a bakin ƙofar, ko kuwa sai an sauka an bi lungu da ƙafa.

Daga nan ka kira su ko ka rubuta musu, da lambar da ke shafinsu na ainihi. Ka gaya musu lokacin isowarka, domin wasu wuraren suna ba wani ɗakin idan dare ya yi baƙo bai zo ba. Ka tambaya ko suna da motar ɗauko baƙi, kuma ka nemi ɗaki tsakanin hawa na 2 da na 5, wanda ya fi ƙarfin mai haurowa ta taga amma bai yi nisan da saukowa ta matakala za ta gagara ba idan gobara ta tashi. Idan wani ya aiko maka saƙo da sunan masaukin yana cewa ka sake biya ta wata hanya ko ka sake shigar da lambar katinka don kada a soke ɗakin, kada ka taɓa komai sai ka kira su ka ji daga bakinsu.

4. Ka ɗora wa mutum ɗaya amanar tafiyar, da wa'adi a rubuce

Cewa dangi "zan yi tafiya, sai na kira" ba tsari ba ne. Idan mutum goma suka san ka tafi, kowa zai ɗauka ka kira wani, kuma babu wanda zai motsa. Ka zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa, wanda ke ɗaukar waya, wanda ba zai firgita da jinkirin minti goma ba kuma ba zai yi barci ya manta ba. Ka sa masa mataimaki ɗaya idan shi ba ya samuwa. Sau da yawa wanda ya fi ƙaunarka ba shi ya fi dacewa ba, domin tsoro zai hana shi bin tsari.

Ka ba shi takarda mai shafi ɗaya da ke ɗauke da lambar jirgi ko sunan kamfanin mota, da lokacin tashi da na sauka, da bayanan masauki, da yadda za ka tafi daga tasha zuwa can, da kwafin takardunka. Abin da ya fi muhimmanci a cikinta shi ne wa'adi biyu: lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka, da lokacin da zai daina jira ya fara aiki.

Ga yadda nake lissafawa. A ce jirginka zai sauka ƙarfe 10:40 na dare. Ka ba jami'an shige da fice da jiran kaya awa 1 da minti 15, wato za ka fito wajen 11:55. Ka ba cirar kuɗi da samun mota minti 20, tafiya zuwa masauki minti 40, rajista a tebur minti 15. Ke nan ya kamata ka kasance a ɗaki wajen 1:10. Wa'adin farko sai ya zama 1:30. Wa'adi na biyu ka ƙara awa 1 da rabi a kai, ya zama ƙarfe 3:00. Idan agogon garin da ka sauka yana gaban na gida da awa 2, to ka rubuta masa a fili cewa wa'adin farko 11:30 ne na dare a agogonsa, na biyu kuma 1:00. Kada ka bar masa wannan lissafin, domin mutumin da barci ke fizga yana iya ƙara awa biyun maimakon ya rage, ya zauna yana jiran lokacin da ya wuce da awa huɗu.

Za ka aika saƙo sau uku a daren: da saukar jirgi, da shiga mota tare da lambarta, da kulle ƙofar ɗaki. Idan wa'adin farko ya wuce bai ji na ukun ba, ba 'yan sanda zai fara kira ba. Zai fara sa lambar jirgin a intanet ya ga ko ya sauka a kan lokaci, domin mafi yawan shirun matafiyi jinkirin jirgi ne ko layin da ya ƙi kamawa. Idan jirgin ya yi lattin awa guda, wa'adin biyu duka sun matsa da awa guda. Idan ya sauka daidai, sai ya kira wayarka kira na sosai, ba ta manhaja kaɗai ba, sannan ya kira teburin masauki ya ambaci cikakken sunanka kamar yadda yake a fasfo, ya tambaya ko ka iso. Wasu masaukai ba sa faɗa wa mai kira ko baƙo yana nan, saboda haka ka sanar da su tun farko cewa wane zai iya kira, ko shi ya roƙe su su kai maka saƙo ka kira gida. Idan wa'adi na biyu ya cika, jirgi ya sauka, masauki ba su gan ka ba, waya ba ta shiga, sai ya kira lambar gaggawa ta ofishin jakadanci, ya kuma roƙi ma'aikacin masaukin ya sanar da 'yan sandan garin, domin lambar gaggawa ta 'yan sandan wata ƙasa ba ta kiruwa daga waje. A nan ne lambar motar da ka aiko take zama abu mafi daraja a hannunsa.

Ku kuma yi yarjejeniya kan wata kalma ta yau da kullum wadda idan ka faɗe ta a waya ko ka rubuta ta, ma'anarta kana cikin matsala kuma ba ka iya magana a sake. Ta zama abin da ba zai ja hankalin wanda ke kusa da kai ba, kamar tambayar lafiyar wani ɗan'uwa da ba ku da shi.

Nuna wa mutum inda kake kai tsaye ta waya yana taimakawa, amma ƙari ne, ba ya maye gurbin wa'adi. A WhatsApp ana zaɓar minti 15 ko awa 1 ko awa 8, kuma na awa 8 ne ya dace da daren isowa. Sai dai yana shan caji, kuma da zarar data ta yanke, alamar tana tsayawa a wurin ƙarshe, mai kallo ya ɗauka kana can alhali ka yi nisa. Ka koya masa ya riƙa duba lokacin da alamar ta sabunta. Shi kaɗai za ka nuna wa. Hotunan tikiti da na masauki kuwa, ka bari sai ka bar wurin kafin ka sa su inda jama'a ke gani.

5. Daga tasha zuwa masauki

Ka yanke yadda za ka tafi tun kana gida, kuma ka sauke taswirar garin a waya yadda za ta yi aiki babu data, domin wayar tana iya nuna inda kake ta tauraron ɗan'adam ko layi bai kama ba. Abin da ya fi aminci shi ne motar masauki, sai tasi daga layin da hukumar filin ta keɓe, sai motar manhaja. Wanda ya tare ka a cikin zaure yana cewa "tasi, tasi" yana kai hannu ga jakarka, ka gode masa ka wuce. Duk abin da za ka yi da waya ko kuɗi, ka gama shi a ciki inda akwai haske da ma'aikata, kada ka fito waje ka tsaya kana lalube.

Idan direba ne ya zo ɗaukarka, kada ka ce masa "kai ne ka zo ɗaukar wane?", domin ka ba shi amsar ke nan. Ka tambaye shi wa ya zo ɗauka kuma ina zai kai shi. Idan motar manhaja ce, ka gwada lambar mota da irinta da fuskar direba da abin da wayar ta nuna, kuma idan ɗaya ya saɓa, ko aka ce motar ta lalace ne aka zo da wata, ka soke ka nemi wata. Ka zauna a baya, jakar takardu a jikinka ba a but ba. Kafin motar ta tashi, ka buɗe ƙofar daga ciki ka sake rufewa, domin ƙofofin baya suna da makullin yara wanda idan an sa shi ba sa buɗuwa sai daga waje. Idan akwai wani a motar ban da direba, ko ya tsaya ɗaukar wani a hanya, ba tafiyarka ba ce.

Kana tafiya kana duban taswira. Kauce wa hanya kaɗan ba abin tsoro ba ne, direbobi sun san inda aka toshe. Abin lura shi ne idan mintocin da suka rage suna ƙaruwa maimakon raguwa har tsawon minti biyar ko fiye, ko aka bar babban titi zuwa inda ba fitila. A nan sai ka tambaye shi a natse, ka kira mutuminka ka faɗi lambar motar da inda kuke da murya yadda direban zai ji, kuma idan hankalinka bai kwanta ba ka ce ya tsaya a gidan mai ko ƙofar wani otal mai haske, ka biya ka sauka. Idan ya tambaya ko kai kaɗai ne, amsar ita ce ana jiranka.

Idan jirgi ya yi latti ƙwarai har ka sauka ƙarfe 3 na dare kuma motar da ka shirya ta tafi, babu laifi ka zauna cikin filin jirgin kusa da ma'aikata har gari ya waye, muddin filin ba ya rufewa. Ka dai sanar da masauki da mutuminka sabon lokaci.

6. Minti goma na farko a ɗaki

A tebur, idan ma'aikaci ya faɗi lambar ɗakinka da ƙarfi alhali akwai mutane a tsaye, kana da damar neman a canza maka, musamman idan mace ce ke tafiyar. Idan suna buƙatar fasfo domin rajista, ka tsaya su yi kwafi su mayar maka, kada ka bar shi ya kwana a wurinsu in da hali. Ka ɗauki katin masaukin mai adireshi da harshen garin ka sa a aljihu.

Da shigarka, ka bar ƙofa a buɗe ka leƙa banɗaki da bayan labule, ka gwada sakata da sarƙa da makullin taga, da ƙofar da ke haɗa ɗakinka da na kusa idan akwai. Sannan ka fita ka nemo matakalar gaggawa, ka ƙirga ƙofofin da ke tsakaninta da ɗakinka, ka tura ƙofarta ka ga ko tana buɗewa. Dalilin ƙirgar shi ne hayaƙi yana rufe ido, kuma wanda ya san ƙofa shida ce zuwa dama zai iya lalubawa da hannu yana rarrafe. Idan tagar ɗakin tana kusa da janareta ko akwai abin ɗumama ɗaki mai ƙona gas ko gawayi, ka nemi wani ɗakin, domin iskar da ke kashe mai barci a irin wannan hali ba ta da wari ko launi, alamarta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya.

Ka kulle, ka cusa abin tokare ƙofa da ƙafa har ya kama. Yana aiki ne kawai a ƙofar da ke buɗewa zuwa ciki, kuma idan ba ka da shi, kujera da aka jingina ƙarƙashin mariƙin ƙofa ko kofin gilashi da cokali a cikinsa a bayan ƙofar zai tashe ka. Takalmi da tocila da jakar takardu su kwana inda hannunka zai kai. Sai ka aika saƙo na uku. Wanda ya ƙwanƙwasa ya ce ma'aikaci ne alhali ba ka kira kowa ba, ka kira tebur ka tabbatar kafin ka buɗe.

7. Idan dole ka fita da dare

Ka tambayi ma'aikacin tebur, ba ko unguwar lafiya take ba, domin kowa zai ce lafiya. Ka nuna masa inda za ka a taswira, ka tambaye shi ta wace hanya shi zai bi da ƙafa a wannan lokacin, kuma daga ƙarfe nawa zai ɗauki mota. Ka shirya hanyar dawowa kafin ka fita, ka san lokacin motar haya ko jirgin ƙasa na ƙarshe, kuma kada ka fita da cajin da bai kai rabi ba. Ka haddace kwanoni biyu ko uku na gaba maimakon tafiya da waya a hannu, ka cire abin sauraro daga kunne, ka bi gefen da kake fuskantar motoci masu zuwa. Idan ka ji kamar ana binka, ka tsallaka titi, kuma idan an tsallako, ka shiga shago ko otal mafi kusa, kada ka nufi masaukinka. Abin sha da ka bari a tebur ka tashi, ka bar shi ke nan. Idan an tare ka ana neman waya ko kuɗi, ka bayar, domin aikin da ka yi a mataki na 1 da na 2 an yi shi ne don ka iya bayarwa ba tare da tafiyarka ta rushe ba. Game da fasfo, wasu ƙasashen suna wajabta wa baƙo ya riƙe na ainihi a jikinsa, wasu kuma kwafi ya isa, saboda haka ka san dokar ƙasar kafin ka bar shi a ɗaki.

8. Idan fasfo ko waya ta ɓata

Idan waya ce, ka nemi wayar tebur ka kira mutuminka da lambar da ke kan kati kafin wa'adi ya cika, ka toshe katin banki da layi, sannan ka shiga imel da lambar ko-ta-kwana ka fitar da asusunka daga wayar da ta ɓata. Idan a kwamfutar masauki ka shiga, ka fita daga asusun kafin ka tashi.

Idan fasfo ne, ka zazzage kayanka gaba ɗaya a kan gado ka duba sau biyu kafin ka kai rahoto. Dalili shi ne da zarar an soke fasfo, ana iya shigar da lambarsa cikin rumbun bayanan takardun tafiya da suka ɓata na hukumar 'yan sandan duniya ta Intafol, kuma ko ka same shi daga baya a aljihun jaka, ba zai sake yi maka aiki a kan iyaka ba. Idan ka tabbata ya tafi, ka je ofishin 'yan sanda mafi kusa ka karɓi rahoto a rubuce mai lamba da hatimi, sannan ka nufi ofishin jakadanci da rahoton, da kwafin fasfo, da hotunanka, da tikitin komawa. Abin da aka saba bayarwa takardar tafiya ce ta gaggawa, wadda yawanci ta komawa gida ce kawai, don haka ka tambaya ko ƙasar da jirginka zai yada zango tana karɓarta, kuma ko sai ka je wurin jami'an shige da fice na ƙasar da kake sun ba ka izinin fita tunda bizarka ta tafi tare da fasfon. Idan ƙasarka ba ta da ofishi a garin, ka kira wanda ke babban birnin ko wanda ke kula da ƙasar daga maƙwabciyarta, ka kuma ƙara kwanakin ɗakinka da matsar da tikiti tun a ranar, domin yawanci ofisoshin jakadanci ba sa buɗewa a ƙarshen mako da ranakun hutu.